Yadda hanci yake gyara iska kafin ta isa huhu

Tambaya: Likita, ina aji biyu na babbar sakandare. Littafinmu na bayoloji ya ce hanci yana ɗumama iska, yana tace ta, yana kuma jiƙa ta, amma bai faɗi yadda yake yi ba. Iskar da take wucewa nan take, yaushe aka samu lokacin yi mata duk wannan? Kuma me ya sa hancina yake bushewa har ya yi haɓo idan hunturu ya shigo?

Amsa: Ɗana, hancin da kake gani a madubi ƙofa ce kawai, aikin kuwa a can ciki ake yinsa. Bayan ƙofofin nan biyu akwai wani kogo da ya miƙe baya, a saman ganɗa, har ya haɗu da saman maƙogwaro, kuma tsawonsa a jikin baligi ya kai santimita 10 ko ya ɗan ɗara. Mutane da yawa suna zaton hanyar hanci sama take yi, zuwa tsakanin idanu, alhali kuwa baya take yi a kwance. Wani siririn bango na guringuntsi da ƙashi ya raba kogon gida biyu, dama da hagu. Dukkan abubuwa ukun da littafinku ya ambata wannan kogo ne yake yinsu, kuma ba a wurare uku dabam-dabam ba. Abu guda ne yake ɗauke da su gaba ɗaya, wato wani jiƙaƙƙen tantani mai yawan jijiyoyin jini wanda ya lulluɓe bangwayen kogon. Idan ka fahimci wannan tantani, ka fahimci ɗumamawar da tacewar da jiƙawar, ka kuma gane dalilin haɓonka.

Da farko ya kamata ka san abin da ya sa ake wannan wahala. A ƙarshen hanyar numfashi, cikin huhu, akwai ɗaruruwan miliyoyin 'yan jakunkunan iska, inda iskar oksijin take ratsawa ta shiga jini. Bangon da ya raba iska da jini a wurin bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba wajen kauri. Abu mai siranta haka ba ya jure sanyi, ba ya jure bushewa, ba ya kuma jure datti. Huhu yana son iskar da ta iso masa ta kasance a kan digiri 37 na ma'aunin Salshiyas, wato zafin jiki, ta cika da laima har ba za ta iya ɗaukar ƙari ba, sannan ta zama tsaftatacciya. Baligin da yake zaune yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti guda, kowane jan numfashi kusan rabin lita, wanda idan aka tara ya kan kai lita 10,000 a yini da dare. Duk wannan iska sai an gyara ta, kuma mafi yawan gyaran a hanci ake gamawa.

Game da lokaci, gaskiyarka ce, iskar ba ta yin ko sakan guda a cikin hanci. Abin da ya cike gurbin lokaci shi ne siffar wurin. A bangon gefe na kowane ɓangare akwai wasu ƙasusuwa uku sirara, naɗaɗɗu, ɗaya bisa ɗaya, waɗanda suka turo cikin hanyar iska. Likitoci suna kiransu konka, akwai na ƙasa wanda ya fi girma, da na tsakiya, da na sama. Saboda su, kogon bai zama bututu mai faɗi ba, ya zama tsagogi masu matsi waɗanda faɗinsu 'yan milimita ne kawai. Da za a shimfiɗe tantanin da ya rufe waɗannan lunguna, zai kai kimanin murabba'in santimita 150, wato ya kusa girman tafin hannun babba har da yatsu, alhali iskar da kogon yake iya ɗauka a lokaci guda ba ta wuce babban cokali ɗaya ko biyu ba. Ka duba lagireton mota: ba a yi shi da ƙarfe dunƙule guda ba, an yi shi da siraran ganyayyaki masu yawa kusa da juna, don iska ta taɓa ƙarfe mai yawa cikin ɗan lokaci. Haka hanci yake, sai dai shi zafin da yake bayarwa iskar ce take amfana da shi.

Akwai kuma wani wuri, kamar santimita 2 daga bakin ƙofar hanci, wanda ya fi ko'ina matsi a duk hanyar. Iska tana ƙara gudu idan ta zo nan, kuma da zarar ta wuce ta faɗa wuri mai ɗan faɗi, sai ta tarwatse ta riƙa juyawa. Wannan juyawa tana da amfani ƙwarai, domin da a ce iskar a miƙe take tafiya, wadda take gefe ce kaɗai za ta taɓa bango, ta tsakiya ta wuce yadda ta shigo. Da yake tana gauraya, kusan kowane ɓangare nata yana samun rabonsa na taɓa tantanin.

Ɗumamawar daga jini take fitowa. A ƙarƙashin tantanin akwai ƙananan jijiyoyin jini masu ɗimbin yawa, kusa da sama sosai, shi ya sa cikin hancin mai lafiya yake da launin ja-ja idan aka haska shi da fitila. Jinin yana isowa da zafin jiki, iska mai sanyi tana bi ta kansa, zafi kuma a kullum daga abu mai ɗumi yake tafiya zuwa abu mai sanyi. Jinin da ya ba da zafinsa yana wucewa, wani mai ɗumi ya maye gurbinsa, saboda haka bangon ba ya yin sanyi har ya gaza. A cikin konka ta ƙasa musamman, akwai wasu manyan jijiyoyi masu iya cika su kumbura, su kuma tsuke su saɓe, bisa umarnin jijiyoyin laka, ba tare da ka sani ba. Idan ka fita cikin sanyi sukan cika da jini, hanyar ta ƙara matsewa, iskar ta ƙara kusantar bango. Abin da aka auna shi ne, a yanayi na yau da kullum, iskar da ta kai bayan hanci ta riga ta kai digiri 31 zuwa 34, sauran 'yan digirin kuma maƙogwaro da bututun iska suke cikawa. A watan Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40 a Sakkwato ko Maiduguri, aikin juyawa yake yi, hanci ya rage wa iskar zafi kafin ta sauka.

Waɗannan jijiyoyi masu kumburi su ne suka sa idan ka toshe ƙofa ɗaya ka shaƙi iska, sannan ka toshe ɗayar, yawanci za ka ji ɗaya ta fi buɗewa. Idan ka sake gwadawa bayan 'yan sa'o'i, sau da yawa sai ka tarar sun yi musaya. Wani likita Bajamushe mai suna Richard Kayser ya bayyana wannan karɓa-karɓa a shekarar 1895, kuma yawancin masu lafiya suna yinta. Ina faɗar wannan ne domin ɗalibai kan tsorata su ɗauka ciwo ne. Kana iya gani da idonka: ka sa ƙaramin madubi mai sanyi a ƙarƙashin hanci ka fitar da numfashi a hankali, za ka ga tabo biyu na tururi, ɗaya ya fi ɗaya girma. Abin da yake buƙatar ganin likita shi ne ɓangare guda ya toshe kullum ba ya sauyawa.

Jiƙawa ita ce aikin da ya fi cin ƙarfi, ita ce kuma ta fi shafarmu a wannan yanki, don haka zan ɗan daɗe a kanta. Tantanin hanci yana ɗauke da ƙwayoyin halitta da 'yan ƙananan gilan masu fitar da majina ba dare ba rana, ko kana mura ko ba ka yi. Kusan kashi 95 cikin 100 na majina ruwa ne, sauran kuwa gishiri ne da wani furotin mai yauƙi da wasu sinadaran kariya. Ana kiyasta cewa abin da ake samarwa a rana ya kusa lita guda, mafi yawansa kuma muna haɗiye shi ba mu sani ba. Idan busasshiyar iska ta bi ta kan wannan shimfiɗa mai ruwa, sai ruwan ya zama tururi ya shiga cikinta. Ka'idar da ya kamata ka riƙe a nan ita ce, gwargwadon ɗumin iska, gwargwadon yawan tururin da za ta iya ɗauka. Lita guda ta iska a digiri 15 ba ta ɗaukar fiye da miligiram 13 na ruwa, amma a digiri 37 tana ɗaukar miligiram 44. Ma'anar wannan ita ce, duk lokacin da hanci ya ɗumama iska, ya ƙara mata ƙishirwa ke nan, kuma dole ya shayar da ita. Ɗumamawa da jiƙawa ba sa rabuwa.

Bari mu yi lissafi da safiyar hunturu irin wadda ka sani. A ce zafin gari digiri 15 ne, laimar iska kuma kashi 15 cikin 100, abin da ba baƙo ba ne a Kano ko Damagaram a watan Janairu, ko da yake ya kan sauya daga safe zuwa rana. Kashi 15 cikin 100 na miligiram 13 ya kama kusan miligiram 2. To iskar ta shigo da miligiram 2 a kowace lita, huhu kuma yana son 44, saboda haka jikinka zai cika giɓin miligiram 42 a kowace lita. Da a ce haka yanayin zai zauna yini da dare, sai ka ninka 42 sau 10,000, ka samu miligiram 420,000, wato giram 420 na ruwa, kaɗan ya rage ya cika ledar ruwan sha guda mai rabin lita. Yanzu ka kwatanta da ranar damina a watan Agusta, zafi digiri 28, laima kashi 80 cikin 100. Iskar wannan rana tana shigowa da kusan miligiram 22 a lita, giɓin da za a cika 22 ne kacal. Ka ga da hunturu ana neman kusan ninki biyu na ruwan da ake nema da damina, daga tantani guda, kuma mafi yawan nauyin yana sauka ne a kan gaban hanci, inda busasshiyar iskar take fara bugawa.

Wani abin da littattafan sakandare ba su cika faɗa ba shi ne, mayar da ruwa tururi yana cin zafi mai yawa. A misalinmu na hunturu, zafin da ake kashewa wajen tururar da waɗannan miligiram 42 ya ninka wanda ake kashewa wajen ɗaga iskar daga digiri 15 zuwa 37 kusan sau huɗu. Wato yawancin ɗumin da jini yake kawowa hanci, jiƙa iska yake tafiya yi.

Jiki ba ya barin wannan ruwa ya tafi duka. Lokacin da ka ja numfashi, bangon hanci ya ɗan yi sanyi saboda zafin da ya bayar. Da ka fitar da numfashi, iska mai ɗumi da laima daga huhu tana bi ta kan wannan bango mai sanyi, sai wani kaso na tururin ya koma ruwa ya sauka a kansa, zafi ma ya dawo. Da haka ake ceto kimanin kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na abin da aka bayar. Ka hura numfashi a bayan hannunka ta baki a buɗe, sannan ka fitar ta hanci, za ka ji na bakin ya fi ɗumi da danshi, domin baki ba ya karɓe komai mai yawa. Wannan ne ma ya sa hanci yake tsiyaya da sanyin asuba ko babu mura: sanyi yana sa a ƙara fitar da majina mai ruwa, ga kuma tururin numfashi da yake komawa ruwa a bakin hanci, sai abin ya fi ƙarfin wurin ya zubo.

Tacewa hawa-hawa ake yinta. Gashin da yake bakin hanci yana tare manyan abubuwa, irin su ƙaiƙayi da ƙananan ƙwari da burbushin auduga, kuma saboda haka ban so a riƙa tsige shi. Wanda ya dame shi ya rage tsawonsa da almakashi, domin tsigewa tana barin ƙaramin rauni da kan zama maruru mai zafi. Amma ainihin matatar ita ce majina. Ana auna ƙura da maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, kuma kaurin silin gashin kai ya kai kimanin maikiron 70. Iska tana iya karya kwana cikin sauƙi a lungunan konka, ƙwayar ƙura kuwa ta fi iska nauyi, don haka idan iskar ta juya, ita sai ta zarce ta bugi bango ta manne a majina. Ƙurar da ta haura maikiron 10 kusan duk a nan take tsayawa. Abin da ka gani a hankici bayan ka dawo daga kasuwa ranar hazo, majina mai launin ƙasa, shaida ce cewa matatar ta yi aikinta. Mafi yawan wannan ƙura ta hunturu daga Sahara take tasowa, musamman daga kwarin Bodele da yake arewacin Chadi, iskar arewa maso gabas ta ɗauko ta har ƙofar hancinka.

Da majinar za ta zauna wuri guda, cikin ɗan lokaci za ta cika da datti ta daina amfani. Abin da yake tafiyar da ita shi ne wasu 'yan gasu da ba a gani sai da madubin likita, ana kiransu siliya, kuma kada ka haɗa su da gashin bakin hanci. Tsawon kowane bai wuce maikiron 5 zuwa 7 ba, ƙwayar halitta guda tana ɗauke da kimanin 200, kuma suna kaɗawa fiye da sau 10 a sakan guda, duk fuska ɗaya. Majinar hawa biyu ce: a ƙasa akwai ruwa tsararo wanda siliya suke motsi a cikinsa, a sama kuma akwai mai kauri mai danƙo wadda take kama datti. Bakin siliya yana taɓa ta saman ya tura ta gaba, sannan ya lanƙwashe ya dawo ta cikin ruwan ƙasa. Da haka shimfiɗar take tafiya baya zuwa maƙogwaro, 'yan milimita a kowane minti, ta yadda abin da ya manne a gaba yake isa baya cikin minti 10 zuwa 20. Likitoci suna gwada wannan da ɗan ƙanƙanin sinadari mai zaƙi: a ajiye shi a gaban konka ta ƙasa, a duba agogo, a jira mutum ya ce ya ji zaƙi a maƙogwaro. Daga nan ana haɗiyewa, sinadarin asid na ciki ya kashe yawancin ƙwayoyin cutar da suka biyo.

Majinar kanta ba ta bar ƙwayoyin cuta su sake ba. A cikinta akwai wani sinadari mai suna laisozayim wanda yake fasa bangon wasu bakteriya, kuma Alexander Fleming, wanda daga baya ya gano fenisilin, a cikin majinar hanci ya fara lura da shi a shekarar 1921. Akwai kuma garkuwar jiki da take manne wa ƙwayoyin cuta ta hana su kama tantani. Idan abin da ya shigo ya yi kaifi, kamar garin barkono, jijiyoyin ji suna tayar da atishawa a fitar da shi da ƙarfi.

Yanzu ka haɗa waɗannan ka ga abin da yake faruwa da hancinka da hunturu. Iska tana kwashe ruwa fiye da yadda ake mayarwa, sai ruwan ƙasan majina ya ragu, ta saman ta yi kauri, siliya su kasa motsa ta. Dattin da ya kamata ya wuce cikin minti 20 sai ya zauna ya bushe ya zama tasono, ya manne a gaban bangon tsakiya. A daidai wannan wuri, inda ɗan yatsa yake iya kaiwa, jijiyoyin jini da dama sun haɗu a ƙarƙashin tantani mai siranta, kuma kusan haɓo tara cikin goma daga nan yake fitowa. Busasshen tantani yana tsagewa, sa'annan idan aka ɓanɓare tasonon da farce ko aka fyace da ƙarfi, sai a tafi da fatar wurin, jini ya ɓalle. Ɓawon da ya rufe raunin shi ma yana ƙaiƙayi, a sake ɓanɓarewa, shi ya sa haɓon yake maimaituwa kwana da kwanaki a ƙofa guda. Bushewar tana kuma raunana kariya, kuma masana suna ganin tana cikin dalilan da suka sa sanƙarau ya fi yaɗuwa a yankin Sahel a watannin rani da ƙura.

Idan haɓo ya zo, ka zauna ka sunkuyar da kai gaba kaɗan, ka matse sashen hanci mai laushi, ƙasa da ƙashin karan hanci, da babban yatsa da manuni, ka riƙe minti 10 zuwa 15 a agogo ba tare da saki kana dubawa ba, kana numfashi ta baki. Ɗaga kai sama da ake koya wa yara kuskure ne, domin jinin bai tsaya ba, maƙogwaro yake gangarawa, a haɗiye shi ya tayar da zuciya. Matse ƙashin sama ma ba ya taɓa jijiyar da take zubar da jinin. Don hana dawowarsa, ka sha isasshen ruwa, ka rufe hanci da takunkumi ko mayafi idan za ka fita cikin hazo, domin ƙyallen yana rage ƙura yana kuma riƙe laimar numfashinka ya mayar maka da ita, kamar yadda amawalin rawani yake yi wa matafiyan hamada. Ruwan gishiri na ɗigawa a hanci yana taushe tasono, kuma ma'auninsa giram 9 na gishiri a lita guda ta ruwan da aka tafasa ya huce. Kana iya shafa ɗan man basilin kaɗan a bakin hanci daga ciki, ba tare da turawa can ba.

Ina so ka kiyayi abu biyu da ake saya a kemis. Maganin ɗigo mai buɗe hanci yana aiki ne ta hanyar tsuke jijiyoyin nan masu kumburi, kuma idan aka wuce kwana 5 zuwa 7 ana amfani da shi, jijiyoyin sukan dawo su kumbura fiye da da da zarar ƙarfinsa ya sake, har mutum ya kasa barci sai da shi. Man shafawa mai mantol kuwa jijiyoyin jin sanyi yake taɓawa, sai ka ji kamar hanci ya buɗe alhali hanyar tana nan yadda take, kuma bai dace a cusa shi cikin hancin jarirai ba.

Matatar tana da iyaka, kuma wannan iyaka ta fi haɓo haɗari. Ƙurar da ba ta kai maikiron 2.5 ba tana da sauƙin da take bin iska duk inda ta juya, don haka da yawanta yana wucewa har cikin huhu. Hayaƙin itace da na taba da na tsofaffin motoci cike suke da irinta, hazon hunturu ma yana ɗauke da ita, shi ya sa masu asma suke shan wahala a wannan lokaci. Hayaƙin taba yana ƙara da kashe kuzarin siliya. Iskar guba ta kabon monoksaid, wadda take fita daga janareta da garwashin gawayi, hanci ba ya tare ta ko kaɗan, ba ta da wari kuma ba ta da launi. Kasko da garwashi a ɗaki rufe don jin ɗumi, ko janareta a cikin gida ko kusa da taga, sun hallaka iyalai a cikin barcinsu, kuma ciwon kai da jiri da tashin zuciya da suka kama mutanen ɗaki guda lokaci ɗaya alama ce ta a fita waje nan take a nemi asibiti.

Baki yana iya shigar da iska, kuma dole ka yi amfani da shi idan kana gudu ko ƙwallo, domin tsagogin hanci ba sa isar da iska mai yawa haka. Sai dai baki hanya ce mai faɗi, babu konka, babu siliya, saboda haka gyaran da ya kamata a gama a sama sai ya koma kan maƙogwaro da bututun huhu. Wanda mura ta toshe wa hanci ya kwana baki buɗe ya san sakamakon, ya kan farka da busasshen harshe da maƙogwaro mai ƙaiƙayi. A asibiti, majinyacin da aka huda wa bututun iska a wuya don ya yi numfashi ya tsallake hanci gaba ɗaya, kuma idan ba a haɗa masa na'urar da take jiƙa iska ba, majinar ƙirjinsa takan bushe ta toshe bututun. Kwalbar ruwan nan da ake gani tana ɓulɓula a jikin tukunyar oksijin ma don haka aka sa ta, domin iskar tukunya busasshiya ce ƙayau.

Haɓon hunturu irin naka yawanci yana tsayawa da matsewa, yana kuma ɗaukewa idan laima ta dawo. Amma ka je asibiti idan jinin bai tsaya ba bayan ka matse sau biyu na minti 15, ko yana zuwa sau da yawa a mako, ko yana tare da zubar jini a dasashi da tabon jini a fata ba tare da ka bugu ba, ko kana jin jiri da kasala. Haka kuma idan ƙofa ɗaya ce kullum a toshe tana kuma zubar da jini, wannan sai an leƙa ciki da na'ura. Idan kuwa ƙaninka ƙarami ne yake fitar da majina mai wari ta ƙofa guda kawai, mafi yawan lokuta wani abu ya cusa, ƙwayar wake ko dutsen ado ko guntun soso, kuma kada a sa tsinke a gida, domin turawa ciki ake yi. Idan ana zaton ƙaramin batirin agogo ne ya shiga, a kai shi asibiti a wannan sa'ar, saboda yana iya ƙona bangon tsakiya ya huda shi cikin 'yan sa'o'i.